Yadda ake gane yawan tokin a rubutun Hausa, da abin da yake janyo wa aljihu da sauri da ingancin amsa

Injinan ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Claude da Gemini ba sa karanta kalma yadda mutum yake karantawa. Kafin rubutunka ya isa wurin injin, akwai wata 'yar manhaja da take yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ta ba kowace gunduwa lamba, sannan ta miƙa jerin lambobin. Ita wannan gunduwa ita ake kira tokin, a allon kwamfuta za ka ga an rubuta `token`. Manhajar da take yankan kuwa za mu riƙa kiranta mayanki. Tokin ɗaya yana iya zama kalma sukutum, ko rabin kalma, ko harafi guda, wani lokacin ma rabin harafi. Da shi ake lissafa kuɗin da za ka biya, da shi ake auna yawan rubutun da injin zai iya riƙewa a lokaci ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗaya yake fitar da su idan yana ba da amsa.

Matsalar mai Hausa ita ce ba a yanka masa daidai da mai Turanci. Kamar hatsi ne iri ɗaya: ana auna wa wani da mudu, ana auna wa wani da gwangwanin madara, amma kowane awo kuɗinsa ɗaya. Ga yadda za ka auna naka da kanka.

Mataki na farko: fahimci yadda aka koya wa mayanki yanka

Yawancin mayankan da ake aiki da su yau suna bin dabarar da ake kira BPE. Philip Gage ne ya fito da ita a 1994 don matse bayanai, sannan a 2016 Rico Sennrich da abokan aikinsa a Jami'ar Edinburgh suka ɗauko ta suka sa a fassarar na'ura. Dabarar ba ta da wuya. Ana tara rubutu mai tarin yawa, a fara da haruffa ɗai-ɗai, a duba waɗanne biyu ne suka fi yawan zuwa a jere, a haɗe su su zama gunduwa ɗaya, a sake dubawa, a sake haɗewa, har sai an cika adadin da ake so.

Ɗauki takarda ka gwada da hannu. A ce duk rubutun da muke da shi kalmomi huɗu ne: "gida" sau 5, "gidan" sau 3, "gidaje" sau 2, "ƙasa" sau 1. Harafin g da i suna zuwa a jere sau 10, sai a haɗe su su zama "gi". Daga nan "gi" da d su ma sau 10, sun zama "gid". Sai "gid" da a, sun zama "gida". Wanda ya fi yawa a yanzu shi ne "gida" da n, sau 3, sun zama "gidan". A ce a nan aka tsaya, an yi haɗi huɗu. To "gida" tokin ɗaya ne, "gidan" ma ɗaya, "gidaje" uku ne (gida, j, e), ita kuwa "ƙasa" ko haɗi ɗaya ba ta samu ba, tana nan a warwatse.

Ka lura mayankin bai san ma'ana ba, bai san saiwar kalma ko ɗafi ba. Ƙidaya kawai yake yi. Abin da ya gani da yawa shi yake samun gunduwa babba. Tun da mafi yawan rubutun da ake tarowa daga intanet Turanci ne da lambobin manhaja, kalmomin Turanci su suke cinye guraben, Hausa ta zo ta tarar da saura. Guraben kuma ƙidayayyu ne. Mayankin GPT-2 na 2019 yana da 50,257. Wanda ake kira `cl100k_base`, na GPT-4, yana da kimanin 100,000, sai `o200k_base` da ya zo tare da GPT-4o a 2024 mai kimanin 200,000. Duk lokacin da aka ƙara gurabe, harsunan da ba Turanci ba sukan samu ɗan sarari, amma rabon da kowane harshe zai samu ya danganta da yawan rubutunsa a cikin abin da aka tara.

Mataki na biyu: ƙirga bayit ɗin haruffa masu lanƙwasa

A misalin da ya gabata "ƙasa" haruffa huɗu ce, amma a irin waɗannan mayankan za ta fito tokin biyar. Dalili shi ne ba daga harafi suke farawa ba, daga bayit suke farawa, wato ƙaramin ma'aunin da kwamfuta take adana rubutu da shi. A tsarin UTF-8 haruffan a zuwa z bayit ɗai-ɗai ne, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Buɗe Python ka gani. Idan ba ka da kwamfuta, Google Colab yana buɗuwa a burauzar waya.

```python
for k in ["ƙ", "ɗ", "ɓ", "ƴ", "ƙarƙashin"]:
    print(k, len(k), len(k.encode("utf-8")), k.encode("utf-8"))
```

Za ka ga ƙ ta fito `b'\xc6\x99'`, ɗ ta fito `b'\xc9\x97'`, ɓ kuma `b'\xc9\x93'`. Kalmar "ƙarƙashin" haruffa 9 ce, bayit 11. Idan mayanki ya ga ƙ da yawa lokacin koyo, zai haɗe bayit biyun, har ma ya haɗe su da haruffan da suke biye. Idan bai gani ba, harafi ɗaya ya ci tokin biyu ke nan. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin harafin yana tsinke kalmar: abin da ke gabansa da abin da ke bayansa ba za su iya haɗuwa su zama gunduwa ɗaya ba.

Rubutun ajami ya fi shan wahala. Kowane baƙi bayit biyu ne, kowane wasali ma bayit biyu, ga shi ajamin Hausa ba ya karantuwa sosai sai da wasulla, ba kamar Larabcin jarida da ake rubutawa tsirara ba. Wasu baƙaƙen rubutun Warshu, irin fa da ƙaf da nun na Afirka, bayit uku-uku ne.

Mataki na uku: yanka rubutunka ka duba gunduwoyin

Kamfanin OpenAI ya saki mayankansa kyauta a wata manhaja mai suna `tiktoken`. Saka ta tukuna:

```
pip install tiktoken
```

Sannan ka gudanar da wannan. A karon farko yana buƙatar intanet don ya sauke jadawalinsa.

```python
import tiktoken
t = "Yara sun tafi makaranta da ƙafa."
for suna in ["gpt2", "cl100k_base", "o200k_base"]:
    enc = tiktoken.get_encoding(suna)
    ids = enc.encode(t)
    print(suna, len(ids))
    print([enc.decode_single_token_bytes(i) for i in ids])
```

Kada ka tsaya a jimillar kawai, ka zura wa gunduwoyin ido. Da farko za ka lura tazarar da ke tsakanin kalmomi tana manne da farkon kalmar da ke biye, shi ya sa "gida" a farkon layi da "gida" a tsakiyar jimla lambobinsu daban, haka ma "Gida" da "GIDA". Sannan ka nemi inda ƙ take. Idan ka ga `\xc6` a gunduwa ɗaya, `\x99` a wata, to an raba harafin biyu. Daga nan ka duba doguwar kalma irin "makaranta", ka ga gida nawa aka raba ta, kuma ko yankan ya bi gaɓoɓin Hausa ko kuwa ya faɗa inda ya ga dama. Sau da yawa za ka tarar da gunduwoyin da asalinsu na wasu harsuna ne, an aro su ne kawai don haruffan sun yi daidai.

Gwada kuma kalmomi masu alhamza, irin "sana'a" da "'ya'ya". Mayankan OpenAI suna fara raba rubutu a wuraren alamomi tun kafin a zo ga BPE, don haka "sana'a" tana tsinkewa a kan alamar ko da kalmar ta yi yawa a rubutun koyo. Haka ma tsohuwar hanyar rubuta "k'asa" da "d'aki".

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: kowane kamfani da mayankinsa. Adadin da `tiktoken` ya ba ka na injinan OpenAI ne. Idan da wani injin kake aiki, duba sashen `usage`, ko makamancinsa, da ke dawowa wa manhajarka tare da kowace amsa, a nan ake rubuta tokin nawa suka shiga, nawa suka fita. Wannan shi ne adadin da ake cajin ka da shi.

Mataki na huɗu: fitar da ninkin Hausa a kan Turanci

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sai su raba yawan tokin da yawan kalmomi, su ga adadin bai yi muni ba, su kwantar da hankalinsu. Amma Hausa cike take da gajerun kalmomi, ya, ta, da, na, ne, ce, ba, waɗanda kowannensu yakan samu tokin ɗaya. Su suke janyo matsakaicin ƙasa, su ɓoye wahalar da manyan kalmomi suke sha. Ban da haka, jimlar Hausa takan fi takwararta ta Turanci yawan kalmomi. Awo na gaskiya shi ne ka ɗauki saƙo ɗaya a harsunan biyu, ka ƙirga tokin kowanne, ka raba na Hausa da na Turanci.

Jimla ɗaya ba ta isa ba. Nemi aƙalla jimla ɗari, kuma su zama irin rubutun da za ka riƙa aiki da shi. Idan ba ka da fassararka, akwai tarin jimlolin FLORES-200 da kamfanin Meta ya saki a 2022, jimloli iri ɗaya a harsuna kusan 200, da Hausa a ciki. Da shi ne wasu masu bincike a Jami'ar Oxford, Aleksandar Petrov da abokan aikinsa, suka nuna a 2023 cewa saƙo ɗaya yana iya cin tokin har ninki 15 a wasu harsuna idan aka kwatanta da Turanci. Waɗanda suka fi jigata su ne masu tsarin rubutun da ba na boko ba. Hausar boko ba ta kai can ba, domin yawancin haruffanta iri ɗaya ne da na Turanci, amma tana sama da Turanci a fili. Sai dai jimlolin FLORES Hausar littafi ce da aka fassara. Saƙonnin WhatsApp masu gajerce-gajerce da haɗa Hausa da Turanci za su ba ka wani adadin daban, don haka naka rubutun ya fi zama abin dogaro.

Mataki na biyar: mayar da ninkin zuwa kuɗi da daƙiƙoƙi

Bari mu yi lissafi da misali. A ce wata ƙungiya ta buɗe layin amsa tambayoyin manoma, ana turo tambaya 3,000 a rana, wato 90,000 a wata mai kwana 30. A ce sun auna sun samu ninki 1.6. A ce kuma farashin dala 1 ne kan kowane tokin miliyan ɗaya da ya shiga, dala 4 kan miliyan ɗaya da ya fita. Waɗannan alƙaluman na misali ne, ka sa na kamfanin da kake hulɗa da shi, amma za ka tarar kusan ko'ina na fita ya fi na shiga tsada sau da dama.

Kowace tambaya tana tafiya da abu biyu: umarnin da aka rubuta wa injin, wanda ake sake turawa a kowane karo, da tambayar manomin. Da Turanci, umarnin tokin 400 ne, tambaya 50, amsa 150. Da Hausa sun zama 640 da 80 da 240.

Na Turanci: 450 sau 90,000 ya ba da miliyan 40.5 na shiga, dala 40.50. Amsa 150 sau 90,000 miliyan 13.5 ne, sau 4, dala 54. Jimilla dala 94.50 a wata. Na Hausa: 720 sau 90,000 miliyan 64.8 ne, dala 64.80. Amsa 240 sau 90,000 miliyan 21.6 ne, sau 4, dala 86.40. Jimilla dala 151.20. Aiki ɗaya, bambancin dala 56.70 kowane wata, ga shi da dala ake biya.

Sauri ma haka. Idan injin yana fitar da tokin 40 a daƙiƙa, amsar Turanci za ta kammala cikin daƙiƙa 3.75, ta Hausa sai daƙiƙa 6. Yana cinye abin da ya shiga kusan a tare, amma abin da zai fita sai ya jera shi ɗaya bayan ɗaya, don haka tsawon amsa shi ne yake sa mutum jira.

Sai kuma mazubi, wato iyakar tokin da injin zai iya riƙewa a lokaci ɗaya. A Turanci ana ƙiyasta tokin ɗaya kamar haruffa huɗu, ko kashi uku cikin huɗu na kalma, don haka mazubi mai 8,000 yana ɗaukar kalmomin Turanci kimanin 6,000. Da ninki 1.6, fassarar kalmomi 3,750 kacal za ta cika shi. Kuma a doguwar hira duk abin da aka faɗa a baya ana sake tura shi tare da sabon saƙo, saboda haka hirar Hausa ta fi saurin cika mazubi. Idan ya cika, manhajoji da yawa suna zubar da farkon hirar ba tare da sun gaya maka ba. Alamarsa ita ce injin ya manta abin da ka gaya masa tun farko.

Mataki na shida: gane lokacin da yanka ne ya ɓata amsa

Wasu alamun a bayyane suke. Idan amsa ta tsaya a tsakiyar jimla, duba `finish_reason`, wato sashen da injinan OpenAI suke rubuta dalilin tsayawar amsa. In ya nuna `length`, to iyakar da aka sa a `max_tokens` ce ta ƙare, galibi don wanda ya sa ta da Turanci ya gwada. Ninka ta da ninkin da ka samu. Idan kuma kana ganin alamar � a wurin ƙ ko ɗ yayin da amsa take fitowa kaɗan-kaɗan, manhajarka ce take nuna rabin harafi kafin ɗaya rabin ya iso. Gyaran shi ne ta riƙa tara bayit har su cika harafi kafin ta nuna.

Mai aiki da ƙananan injina irin BERT yana da wani tarkon. Mayankinsu, WordPiece, ba ya komawa ga bayit. Idan ya ci karo da harafin da ba ya cikin jadawalinsa, kalmar gaba ɗaya yake mayarwa `[UNK]`, wato ba a san ta ba. Ka yanka jimla ɗari ka ƙirga `[UNK]` kafin ka ɓata lokaci wajen horarwa. BERT mai harsuna 104 ba a sa Hausa a cikinsa ba, amma XLM-R ya haɗa da ita, haka ma AfriBERTa na 2021 wanda aka gina musamman don wasu harsunan Afirka.

Alamar da ta fi wuyar gani ita ce raunin fahimta. Idan kalma ta zo a tokin ɗaya, injin yana da wuri guda da ya tara duk abin da ya koya game da ita. Idan ta zo a gunduwa huɗu, sai ya fara harhaɗa su kafin ya kai ga ma'ana. Yana iyawa, amma sai ya ga kalmar da yawa. Jam'in Hausa yana ƙara masa aiki: doki da dawaki, akuya da awaki, ba su da gunduwar da za ta nuna masa dangantakarsu. Sannan ga rarrabuwar rubutu. Kalma ɗaya ana rubuta ta ƙasa, kasa, k'asa, qasa, kowacce da nata jerin lambobin. Ɗan rubutun Hausar da ke intanet, maimakon ya taru wuri ɗaya, sai ya kasu huɗu. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya 'ya'ya, ƙarin rabuwa ke nan.

Duk da haka kada ka zaɓi inji don kawai mayankinsa ya fi ƙarancin tokin. Ƙarancin tokin yana rage kuɗi, amma iya Hausa daga yawan Hausar da injin ya karanta yake zuwa. Ka ba injina biyu tambayoyi iri ɗaya, wanda ya san harshen ya duba amsoshin.

Mataki na bakwai: rage nauyin ba tare da lalata Hausar ba

Dabarar da take fara zuwa wa mutum ita ce ya cire lanƙwasa, ya mayar da ƙ k, ɗ d, ɓ b. Tokin zai ɗan ragu kam, amma ni ban goyi bayanta ba. "Ya ɓata kuɗi" idan ta koma "ya bata kudi", mai karatu bai san ko an ɓarnatar da kuɗin ba ko an ba wata mata. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Injin zai yi canke, kuma amsar da zai mayar wa mutane za ta fito da gurguwar ƙa'ida. Abin da ya kamata shi ne a daidaita rubutun ya zama iri ɗaya:

```python
import unicodedata
t = unicodedata.normalize("NFC", t)
t = t.replace("’", "'").replace("ʼ", "'")
```

Layin `NFC` yana haɗe wasali da alamar karin sauti su zama harafi ɗaya inda hakan zai yiwu, misali à ta koma bayit biyu maimakon uku. Layin ƙarshe yana mayar da alhamza iri ɗaya, domin wayoyi da Word suna sa mai lanƙwasa mai bayit uku, wasu allunan rubutu suna sa wata mai bayit biyu, alhali ta kan madannai bayit ɗaya ce. Mayar da k' zuwa ƙ ana iya yi da na'ura idan an bi a hankali, amma mayar da "kasa" zuwa "ƙasa" sai mutum ya duba, tun da "ya kasa" ma Hausa ce.

Babban ragi yana wurin umarni da tsawon amsa. Mu koma ga layin manoma. Manomi ba ya ganin umarnin, don haka idan aka rubuta shi da Turanci, aka ce a amsa da Hausa, abin da ke shiga zai sauka daga 720 zuwa 480, wato miliyan 43.2 a wata, dala 43.20. An rage dala 21.60. Sai dai a gwada tukuna, domin wasu injinan idan suka ga umarni da Turanci sukan zame su amsa da Turanci, ko su yi Hausa mai ƙamshin fassara. Maganinsa a bar gajerun misalan tambaya da amsa guda biyu ko uku da Hausa mai kyau a cikin umarnin, ko da za su ɗan ƙara tokin. Idan kuma aka ce amsa ta daina doguwar gaisuwa da maimaita tambaya, ta sauka daga 240 zuwa 180, na fita zai zama miliyan 16.2, dala 64.80, wani ragin dala 21.60. Jimilla ta dawo dala 108, jiran manomi kuma ya sauka daga daƙiƙa 6 zuwa 4.5.

Wasu sukan fassara tambayar zuwa Turanci, injin ya amsa da Turanci, a sake fassaro amsar. Ka yi lissafinsa kafin ka yarda: fassarar ita ma tana cin tokin, Hausar da za ta fito a ƙarshe sai an biya kuɗinta, kuma kuskure yana iya shiga a wuri biyu, musamman a sunayen ciyayi da cututtukan amfanin gona irin wuta-wuta da domana. Kamfanoni da dama kuma suna rage farashin umarnin da ake maimaitawa idan ya kai wani tsawo kuma bai canza ba, don haka ka sa abin da ba ya canzawa a farkon saƙo, tambayar a ƙarshe. Duk ranar da ka sauya inji, ka sake yanka jimlolinka ɗari ka fitar da sabon ninki, domin sabon inji yana iya zuwa da sabon mayanki ko da kamfanin bai canza ba.